Litinin zan kai furojet ban gama ba, ya zan roƙi malam ƙarin lokaci?

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe a nan Samaru, furojet ɗina a kan manoman masara ne a wasu ƙauyukan Giwa, supabaiza ɗina ya ce in kawo cafta 4 da 5 ranar Litinin 14 ga Yuli, yau kuma Talata 8 ga wata. Babanmu ne ya kwanta a asibitin Shika sati uku kuma ni ce na yi jinya, yanzu alhamdulillah an sallame shi, amma kwashiniya 150, wato takardun tambayoyin manoma, da ya kamata in cike 92 kawai na samu, ko shigar da su kwamfuta ban yi ba, ga lakca Talata da Laraba. Difens, ranar kare furojet a gaban malamai, an kafe 18 ga Agusta. Ban taɓa gaya wa malam komai ba saboda mutum ne mai zafi, wlh ko hango motarsa na yi sai in canza hanya. Ƙawata ta ce in ce laftof ɗina ce ta mutu, wata kuma ta ce in zauna in cike sauran da kaina ba wanda zai gane. Ni dai na rasa yadda zan yi.
Ƙanwarki daga Samaru

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya Ya sa kaffara ce, ke kuma Allah Ya ba ki ladan jinya.

Gobe Laraba za ki je wurinsa. Ba Juma'a ba, ba kuma Litinin ɗin da safe ba lokacin da yake jiran ki miƙo aiki. Roƙon ƙarin lokaci kwana biyar kafin rana daban yake da roƙon da aka yi a ranar, ko da kalmomin iri ɗaya ne, saboda na farko yana ba mutum damar gyara tsarinsa, na biyu kuwa labari kawai kike ba shi cewa kin riga kin saɓa. Malamin nan ba ke kaɗai yake dubawa ba, ƙila yana da ɗalibai goma ko fiye, ya ware satin nan na 14 don karatun naku, in ya sani da wuri sai ya ja na wani gaba ya tura naki baya kuma bai yi asarar komai ba. Amma kafin ki taka ofishinsa akwai aikin da za ki yi yau da daddare da biro da takarda, kuma shi ne gaba ɗayan maganar, wato ki fitar da ranar da za ki ce masa. Yawancin ɗalibai a nan suke faɗuwa, su je su yi ta ba da haƙuri, malam ya ce to yaushe za ki kawo, sai a ce "nan ba da daɗewa ba insha Allahu" ko "ko sati ɗaya ne a taimaka min". Sati ɗayan nan ba lissafi ne ya fito da shi ba, kunya ce ta fito da shi, ana ganin in an faɗi kaɗan zai fi saurin yarda, sai satin ya cika aiki bai kai rabi ba a koma roƙo na biyu, kuma roƙo na biyu shi ne yake ɓata ɗalibi a idon malami, na farko kusan kowa yana yafewa.

Ki fara gane cewa ranaku biyu ne a gabanki kuma ba nauyinsu ɗaya ba. 14 ga Yuli ranar malam ce, shi ya sa ta da bakinsa, shi zai iya ɗage ta yana zaune a kujerarsa. 18 ga Agusta kuwa ta dipatmen ce, an haɗa malamai an tsara wa zai zauna a wane rukuni, supabaiza ɗinki ko yana sonki kamar 'yar cikinsa ba zai motsa ta don ke kaɗai ba. To sabuwar ranar da za ki nema dole ta zauna a tsakanin biyun nan, kuma ba a dab da ta biyu ba. Ki lissafo daga baya. A sashe da yawa ana karɓar kwafin da aka buga kamar sati ɗaya kafin difens don masu zama su duba, ki tambayi kodinetan furojet naku ainihin ranar gobe kafin ki shiga wurin malam, amma mu ɗauka 11 ga Agusta ce. Kafin nan kina buƙatar kwana biyar na gyara abin da jan bironsa ya taɓa, sai mu dawo 6 ga Agusta. Kafin nan shi ma yana buƙatar aƙalla sati ya karanta, sai mu dawo Laraba 30 ga Yuli. Wannan ce katangarki. Duk ranar da kika nema bayan 30 ga wata, lokacin karatunsa kika ci ko lokacin gyaranki, kuma zai gane haka nan take ko da ke ba ki lura ba.

Yanzu ki lissafo daga gaba, kuma dan Allah ki yi wa kanki gaskiya. Saura kwashiniya 58. A takarda mutum zai ce ai 20 a rana kwana uku an gama, amma Yuli muke ciki, manomin masara tun sassafe yana gona wurin noma da sa taki, ba za ki same shi a ƙofar gida ba sai an yi azahar zuwa la'asar, ke kuma ba za ki bari magariba ta riske ki a hanyar ƙauyukan Giwa ba, kin san halin da ake ciki, ƙarfe biyar ta yi miki kina cikin motar dawowa Samaru. Ga shi da yawansu ke za ki karanta musu tambaya ki fassara ki rubuta amsa, ga gaisuwa, ga wanda zai tsaya sai ya ba ki labarin tsadar taki, mutum ɗaya zai ci miki minti 20 zuwa 25 cikin sauƙi. Bakwai ko takwas a rana shi ne abin da za ki dogara da shi, ranar da aka wuni ana ruwa kuma babu. 58 ɗin nan kwana takwas ne a fili. In kin fara jibi Alhamis 10 ga wata kin yi kwana huɗu zuwa Lahadi, Litinin kina wurin malam, Talata da Laraba lakca, sai ki koma Alhamis 17 ki ƙare Lahadi 20. Kwana ɗaya na duba kurakuran da aka shigar, biyu na analisis, huɗu na rubuta cafta 4, biyu na cafta 5, ɗaya na firintin, kin ga mun sauka daidai a kan 30 ga wata, babu ko rabin yini na ko-ta-kwana. Babu ranar da aka ɗauke wuta, babu ranar komawa da Baba ganin likita, babu ranar da zazzaɓi ya kama ki bayan dukan ruwa. Ni ba zan ce ki yi alkawari a kan wannan lissafin ba, don zai karye.

Shi ya sa nake ganin abin da za ki roƙa ba lokaci kaɗai ba ne, lokaci ne tare da izinin tsayawa a 120. 120 cikin 150 kashi 80 ne cikin ɗari, kuma a binciken da ake yi da kwashiniya ba sabon abu ba ne a raba adadi kaza a samu ƙasa da shi, abin da ake so shi ne a faɗa a fili a cafta 3 da farkon cafta 4 cewa an nufi 150 an samu 120. 92 kuwa kashi 61 ne, ya yi ƙasa, musamman in ya zamana akwai ƙauyen da ba ki taka ba ko sau ɗaya, don haka 28 ɗin da za ki ƙara ki kai su ƙauyukan da suka fi giɓi, kar ki koma inda ya fi kusa da titi saboda sauƙi. Da 120 lissafin ya canza gaba ɗaya: bakwai a rana daga Alhamis 10 zuwa Lahadi 13 kin gama fili, Talata 15 zuwa Alhamis 17 gyaran data da analisis tunda dama kina cikin makaranta, Juma'a 18 zuwa Litinin 21 cafta 4, daga 22 zuwa 24 cafta 5 a tsakanin lakcoci, Juma'a 25 firintin, Asabar da Lahadi suna ajiye ba ki taɓa su ba saboda tsautsayi. Ranarki ita ce Litinin 28 ga Yuli. Sati biyu cif kike nema, kuma kina iya nuna inda kowace rana ta tafi. Sai dai rage adadin nan hukuncinsa ne ba naki ba, kar ki yanke ki je ki sanar da shi, ki kai masa a matsayin tambaya. In ya ce shi 150 yake so, kina da amsa a aljihu: cafta 4 ranar Litinin 28, cafta 5 ranar Juma'a 1 ga Agusta, yana karanta ɗaya kina rubuta ɗayan. Kuma ko me zai ce, Alhamis kina Giwa, tunda duka hanyoyin biyu da waɗannan 28 ɗin suke farawa.

Wata dabara da za ta rage miki wahala, ki nemi malamin gona na yankin ko mai unguwa ko sarkin noma ya tara miki mutane wuri ɗaya bayan sallar Juma'a ko ranar kasuwa, ki tafi da ɗan ajinku ɗaya ko ƙaninki wanda kika zauna kika koya masa yadda ake tambayar, rana irin wannan za ki iya ninka abin da kike samu. Amma kar ki sa wannan a lissafin da za ki kai wa malam, in ta samu riba ce.

Sai maganar dalili. Ki faɗi gaskiya ki kuma taƙaita ta, jimla biyu sun isa: mahaifina ya kwanta asibiti daga ranar kaza zuwa ranar kaza, ni na yi jinya, shi ya tsayar min da aikin fili. Shi ke nan. Ba sai kin shiga wane ciwo ne da nawa aka kashe da wanda ya ƙi zuwa dubiya ba, doguwar magana tana sa dalili mai ƙarfi ya yi kama da kame-kame. Ki riƙe fotokwafin takardar sallama ko katin asibiti a cikin fayil ɗinki, in ya nema ki miƙa, in bai nema ba ki ce "ga takardar sallamar in ana buƙata" ki bar ta a nan. Abin da ya kamata ki ba da haƙuri a kai guda ɗaya ne, shirun da kika yi. Ciwon Baba ba laifinki ba ne, amma sati uku ba ko tes, wannan naki ne, kuma in kin riga shi faɗa da bakinki kin rage masa abin da zai yi faɗa a kai. In ya yi faɗan duk da haka ki sunkuyar da kai ki ji, kar ki katse shi da "ai malam", ya gama ki koma kan takardarki.

Batun laftof ta mutu, ki bar shi inda kika ji shi. Kina da dalili na gaske wanda har takarda yake da ita, me zai kai ki ajiye shi ki ɗauko ƙaryar da kowane malami ya ji ta har ta gundure shi? Tambaya ɗaya za ta kashe ta, zai ce to kawo kwashiniyoyin 150 na takarda in gani tunda su ba a cikin laftof suke ba, daga nan kuma ko kin dawo kin ce Baba ne ba shi da lafiya ba zai ƙara yarda ba, kin ƙona gaskiyar da hannunki.

Ita kuwa mai cewa ki cike da kanki, wannan ba shawara ba ce, rami ne. Na yi shekaru ina buga wa ɗalibai furojet a shago, irin waɗannan takardun sun sha biyowa ta hannuna kuma ba sai ƙwararre ba ake gane su. Takardar da ta je ƙauye tana da lanƙwasa, da ƙura, da inda ruwa ya ɗiga, da tambayar da manomi ya ƙi amsawa aka bar ta fayau, da inda aka soke aka gyara don ya ce buhu goma sha biyu ya dawo ya ce a'a sha ɗaya da rabi. Wadda aka cike a ɗaki fes take, biro ɗaya, babu gurbi ko ɗaya, kowa gonarsa kadada biyu ko uku daidai, kowa shekararsa 35 ko 40 ko 45, kuma in an zuba su a manhajar lissafi ta SPSS sai ki ga amsoshin sun taru wuri ɗaya ko kuma wanda aka rubuta masa ƙaramar gona ya fi mai babbar gona yawan taki ba dalili, saboda mai ƙirƙira yana gajiya ya manta abin da ya rubuta a shafin baya. A difens ana iya cewa ki kawo takardun, ana iya tambayarki sunan mai unguwar ƙauye kaza ko ta ina ake shiga. Wanda ya makara da aiki ana yi masa faɗa a ba shi rana, wanda aka kama da ƙirƙirar data kuwa maganarsa ta bar hannun supabaiza ta koma ta kwamiti, shekara huɗu ko biyar da kika yi za ki ɗora a kan takarda 58.

To yaya za ki isar da roƙon? Zuwa da kai ya fi aike. Yau kafin ƙarfe takwas na dare ki tura gajeren saƙo a rubuce, ba saƙon murya ba, ki gaishe shi ki faɗi cikakken sunanki da lambarki ta makaranta ki ce kina neman izinin ganinsa gobe na minti biyar a kan furojet, wane lokaci ne ya dace. In bai amsa ba ki je duk da haka a lokacin da kika san yana zama ofis, ki jira a bakin ƙofa. Kar ki aika kawunki da ya san shi, kar ki sa wani malami ya yi miki kamun ƙafa, mutum mai zafi abin da ya fi tsana ke nan, a zagaye shi a kan abin da minti biyar za ta warware. Ki tafi da abu uku a hannu: ƙunshin kwashiniyoyi 92 ɗin nan a jere, takarda ɗaya mai jadawalin ranakun da muka lissafa, da takardar asibiti. Tarin takardun nan a kan teburinsa sun fi duk wata rantsuwa da za ki yi, don ido ya ga aiki.

Abin da za ki faɗa, ko ki rubuta in ya ce yana tafiya ki turo ta WhatsApp, ga shi kamar haka, sai ki mayar da shi harshen da kuka saba magana da shi:

"Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ina neman alfarmar a ɗaga min ranar kawo cafta 4 da 5 daga Litinin 14 ga Yuli zuwa Litinin 28 ga Yuli. Mahaifina ya kwanta asibiti tsawon sati uku kuma ni na yi jinyarsa, shi ya tsayar min da aikin fili, an sallame shi yanzu kuma na koma aiki. Ina ba da haƙuri da ban sanar da kai tun lokacin ba. Zuwa yau ina da kwashiniya 92 cikin 150. In ka amince in tsaya a 120, zan kammala fili ranar Lahadi 13 ga wata, in kawo maka data ɗin da na shigar da jerin teburan cafta 4 ranar 14 kamar yadda aka sa, sannan cikakkun caftocin biyu ranar 28. In kuma ka fi son a cika 150, zan kawo cafta 4 ranar 28, cafta 5 ranar 1 ga Agusta. Na gode Malam, Allah Ya saka da alheri."

Ki lura roƙon da ranar suna layin farko, kafin dalili. Mutumin da ke karanta saƙo a tsakanin lakca da mitin yana so ya san me ake nema kafin ya san me ya faru, in kika fara da tarihi zai kai rabi ya ajiye waya. Ki lura kuma an haɗa sunan rana da kwanan wata, Litinin 28, ba "nan da sati biyu" ba, don sati biyu daga yaushe, daga ranar da kika rubuta ko ranar da ya karanta ko daga 14? Kuma babu "in Allah Ya kai mu wajen ƙarshen wata". Ki ce insha Allahu, wannan dole ne, amma ki ce ta a bayan rana tsayayya, kar ta zama ita ce ranar.

Abin da na fi so ki riƙe a cikin saƙon shi ne alkawarin 14 ga wata. Ranar nan kar ki bari ta wuce hannu rabbana don kawai an ɗaga miki. Kwashiniya mai tambaya kamar 40 tana cin wajen minti biyar a shigar da ita Excel in hannu ya saba, 92 kusan awa takwas ke nan, awa biyu kowane dare daga Laraba zuwa Asabar kin gama, sababbin kuma kina shigar da su a daren da kika kawo su ko washegari da asuba. Ki sa wa kowace takarda lamba a saman kusurwa da biro, lambar nan ita ce layinta a kwamfuta, in an ga wani abu bambaraƙwai kamar manomi mai shekara 450 sai ki zaro takardar kai tsaye ba sai kin birkice duka ba. Ranar Litinin ki kai masa fayil ɗin da takarda ɗaya da ke nuna teburan da kike shirin fitarwa, kowane tebur a ƙarƙashin manufar binciken da yake amsawa. Amfanin wannan biyu ne, zai ga kin fara cika alkawari tun kafin babbar ranar, sannan in akwai inda kika karkace, misali yana son a gwada alaƙar girman gona da yawan amfani ke kuma kashi cikin ɗari kawai kika shirya, zai faɗa miki tun ba ki rubuta shafi ashirin a kan kuskure ba. Kuma tunda an ambaci mutuwar laftof, kowane dare ki tura wa kanki fayil ɗin ta imel ko ki ɗora a Google Drive, kar ƙaryar da kika ƙi yi ta zo ta zama gaskiya a sati na biyu.

In ya ce ya yarda da baki a ofis, kina fita ki tura masa layi biyu: na gode Malam, kamar yadda ka amince zan tsaya a 120, in kawo data ranar 14, caftoci ranar Litinin 28 ga Yuli. Ba rashin yarda ba ne, mutum mai ɗalibai da yawa yana mantawa, kuma ranar da aka ce wa ya ce ki rage adadi, saƙon yana nan.

In ya ba ki ƙasa da abin da kika nema, a ce ya ce 21 ga wata, kar ki ce to don ki samu ki fita. Ki duba jadawalinki a gabansa ki ce ranar 21 cafta 4 zai samu, cafta 5 sai 25, ko hakan ya yi? Sau da yawa mai zafi ba ranar ce ta dame shi ba, so yake ya ga ko kin san aikinki, kuma wanda ya amsa da lissafi daban yake da wanda ya amsa da hawaye. In kuma ya ƙi sam ya ce 14 ko oho, to ranar 14 ki kai abin da ya samu, cafta 4 na wucin gadi a kan abin da kika shigar, ki rubuta a samansa cewa daftari ne kuma adadin kaza ne, ki ci gaba da aikinki, da wuya malami ya ga ɗalibi yana kawo aiki ya ƙi karɓar cikon. Kar ki tsallake shi ki tafi wurin shugaban sashe a kan ranar da shi ya sa, wannan kai ƙara ne ko ba ki nufa ba. Takarda zuwa ga shugaban sashe tana shigowa ne kawai in ya bayyana ranar dipatmen ɗin kanta ce ba za ki cimma ba, ita ma ta hannun supabaiza take bi ya sa hannu, da takardar asibiti a maƙale, kuma a lissafin da muka yi ba ki kai nan ba.

Saura abu ɗaya a gida. Kwanakin nan ba za su yiwu ba in har yanzu ke ce mai kai Baba asibiti da dafa abincinsa da karɓar 'yan dubiya. Ki zauna da Mama da yayyenki yau ki nuna musu takardar ranakun nan, a san wanda zai karɓe ki daga 10 zuwa 28 ga wata, in akwai ranar komawa ganin likita a ciki a sa sunan wanda zai raka shi tun yanzu, kuɗin motar Giwa na kwana huɗu ma a san daga inda zai fito kafin safiyar Alhamis. In kin je wurin kodineta gobe kika tarar ranar karɓar kwafi ta riga 11 ga Agusta, ki ja duk lissafin baya da adadin kwanakin kafin ki shiga wurin malam, kwana biyun ajiyar nan na 26 da 27 su za ki fara taɓawa.